In Haɗa ko Kar in Haɗa?

Ni dai tun ina ƙarami ba a taɓa samuna da matsalar kai ba. A zauren mahaifina a Tsamaye na tashi, inda allo ya fi tabarma yawa, kuma na haddace Alƙur'ani ƙasumba ba ta ko fara tsiro mini ba. Abin da na karanta sau uku ya zauna ke nan. Da wannan kan na bi ta sakandare kamar ruwan sanyi, domin malamanmu abin da suka rubuta a allo shi suke so a mayar musu, ni kuwa mayarwa ita ce sana'ata. Saboda haka ranar da na shiga motar Sakkwato za ni jami'a karatun tarihi, ban ji ɗar ba ko kaɗan. Tausayin 'yan ajinmu ma nake ji tun ban gan su ba.

Gwajin farko na tsakiyar zango shi ya sauke mini wannan girman kai. Tambaya ɗaya ce, da Turanci, ma'anarta a kwatanta tsarin sarautar ƙasar Hausa da na Borno. Ina ganin kalmar sarauta na yi murmushi, don takardun darasin da aka raba mana suna cikin kaina har da lambar shafi. Na kama daga layin farko. Na kawo asalin garuruwa, na jero sarakuna, na bi sarautun fada ɗaya bayan ɗaya, har wani kuskuren bugu da ke shafi na uku sai da na kwafe shi yadda yake, domin a gidanmu ba a gyara wa malami rubutu. Shafi bakwai na cika. Ina shirin shiga Borno aka ce a ajiye biro.

Huɗu na samu cikin ashirin. Wani ɗan ajinmu da bai cika shafi biyu ba, wanda na tabbata ko sunan sarautu biyar ba zai iya jerowa ba, ya tashi da goma sha huɗu. Na ji haushi ƙwarai, kuma ban ɓoye ba. Sauran darussan da ake rubuta dogon bayani su ma haka suka yi mini, ɗaya bayan ɗaya. Na ƙara ƙaimi wajen hadda, sakamakon ya ƙara lalacewa. Daga nan haushi ya koma tsoro, irin tsoron da ban taɓa sani ba, na mutumin da abu ɗaya ya iya a duniya aka ce masa abin ba ya ci a nan.

Malamar da ta gyara takardar ita ce kuma aka ɗora wa kula da 'yan aji ɗaya na sashenmu. Bayarabiya ce haifaffiyar Sakkwato, Hausarta ta fi tawa gishiri. Tun ranar da ta ga tsagar Gobir a fuskata ta samu abin wasa, don kowa ya san tsakanin Bagobiri da Bayarabe ba a raba tsokana. In na shiga aji a makare sai ta ce bawanta ya iso, a ba shi wuri. Ina ramawa daidai gwargwado. Amma bayan gwajin nan ko hanyar ofishinta ban ƙara bi ba.

Saura mako biyu jarrabawa aka dakatar da darussa don bita. Na yayyago takarda na rubuta mata layi huɗu: na gode, na gane boko mai zurfi ba nawa ba ne, na koma gida taya mahaifina karantarwa, kada a neme ni a ɗakin jarrabawa. Na tura ta ƙarƙashin ƙofarta, na ɗauki jakata na nufi tasha. A gida na ce hutun bita aka ba mu. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba.

Abin da ya sa na kasa faɗa shi ne mahaifina shi ya tsaya mini na tafi. 'Yan'uwansa sun so in zauna in gaji zaure, shi ya ce a bar ni in je in ga abin da ke can. Bai yi boko ba ko na kwana ɗaya, kuma bai taɓa tambayata abin da ake koya mana ba. In na dawo hannu rabbana, ba ni kaɗai na faɗi ba.

Lokacin kaka ne, an gama yankan gero da dawa ana ta ɗaurin dami. A kwanakin nan wayar hannu ba ta da amfani a yankinmu sai dai kunna fitila, babu sabis ko na rantsuwa. Rana ta huɗu da hantsi ina shara a ƙofar zaure, sai ga ɗan kabu-kabu ya tsaya ya miƙo mini ambulan mai ruwan ƙasa. Ya ce wani direban motar Sakkwato ya ba shi a tashar Sabon Birni, aka ce a kai wa ɗan malam na Tsamaye mai karatu a jami'a. Ina ganin rubutun bayan na gane hannun. Shi ne ya zana mini huɗun nan da jan biro.

Na zaga bayan rumbu na buɗe. Shafi uku ne, da Hausa. Har yau tana nan, don haka abin da zan kawo daga cikinta ba daga ka ba ne, ko da yake da kan ma zan iya.

"Bagobiri," haka ta fara, ko sallama sai a layi na biyu. "Na ga takardarka. Ban karɓa ba. Bawa ba ya sallamar kansa. Kuma Borno tana nan tana jiranka tun ranar gwaji, ba ka iso ba.

"Bari in gaya maka abin da ya faru da takardarka, don na lura kana zaton zalunci ne. Lokacin da nake gyara, akwai jerin abubuwan da tambayar take nema a gefena, kowane da makinsa. An ce ka kwatanta abu biyu. Ka kawo mini ɗaya, ka kawo shi da kyau har na ji kunyar kuskuren buguna, amma ban ga wuri ɗaya da ka ajiye Hausa kusa da Borno ka ce nan sun yi kama, nan sun bambanta ba. Na nemi inda zan ba ka maki na rasa. Ba a auna takarda da nauyi. Na san ka san abin da na koyar, ni na koyar da shi. Abin da ban sani ba shi ne ko za ka iya ɗaukarsa ka amsa tambaya da shi."

Daga nan ta shiga yadda ake yi. Ta ce in aka raba takarda kada in taɓa biro sai na karanta ta duka sau biyu, tun daga umarnin sama, in san tambaya nawa ake so da wadda take dole. In zaɓi waɗanda zan iya amsawa, ba waɗanda na fi yawan hadda a kansu ba, don ba ɗaya ba ne. A kowace tambaya in ja layi ƙarƙashin kalmar da ke ba da umarni, domin wanda aka ce ya bayyana, da wanda aka ce ya kwatanta, da wanda aka ce ya auna gaskiyar wata magana, aiki uku aka ba su ko da batun ɗaya ne. In kuma duba iyakar da aka sa, ta zamani ko ta wuri, kada in tsallake ta.

"Jarrabawarmu awa biyu ce, tambaya uku, makinsu ɗaya," in ji ta. "Minti goma na karatu da zaɓi, talatin da biyar ga kowace tambaya, biyar na dubawa a ƙarshe. In lokacin tambaya ya cika, bar ta ko tana da daɗi. Makin farko na sabuwar tambaya ya fi sauƙin samu a kan makin ƙarshe na wadda ka riga ka tatse. Amsa biyu masu kyau da ta uku babu, sun sha kashi a hannun uku matsakaita. In lokaci ya ƙure maka, jero sauran hujjojinka a gajarce, zan ga inda ka nufa.

"Kafin ka fara kowace amsa, ɗauki minti biyar a shafin baya na littafin amsa ka tsara: mene ne amsata, waɗanne hujjoji uku ko huɗu za su riƙe ta. In ka gama ka ja layi a kai don a san ba amsa ba ce. Sannan sakin layi na farko ya faɗi amsar kai tsaye. Kada ka kai ni yawon asali. Kowane sakin layi bayansa magana ɗaya, da shaidarta, da yadda ta koma kan tambayar. A nan haddarka za ta yi maka rana, don wasu suna da magana ba su da shaida, kai kuwa rumbu gare ka. Ɗebo abin da ake bukata ka rufe rumbun. Ka kawo abin da mai ja da kai zai ce, ka amsa masa. A ƙarshe ka maimaita matsayinka, kada ka shigo da sabon zance."

Layin da ya fi tsaya mini a rai yana kusa da ƙarshe. "Na san inda ka fito, faɗin ra'ayinka gaban maganar malami rashin kunya ne. A nan shi muke nema, in dai da hujja. Ka saɓa mini ma in ka iya, ba zan rage maka ko ɗaya ba. Ka dawo. Na sa tsoffin tambayoyin shekarun baya guda shida a bayan wannan takarda, ka gwada su da agogo a gabanka."

Zan so in ce ina gama karantawa zuciyata ta yi sanyi. Ba haka aka yi ba. Tsaki na yi. Na ce a raina wannan ai koyar da wayo ne, a ce mutum ya san shafi bakwai ya kawo biyu, kuma ya sa bakinsa gaban na malamai. Wane ne ni da zan ce ga amsata? Na ninke takardar na cusa a aljihu, na koma na ƙarasa sharata.

Washegari bayan la'asar muna zaune a zaure, mahaifina yana duba wani littafi, sai wani manomi ya yi sallama. Daga Burkusuma ya taso a kan babur, dattijo ne mai furfura a gemu, ƙafafunsa duk ƙaiƙayi. Bayan gaisuwa ya ce tambaya ta kawo shi. Bana ya noma gero da dawa, ya sussuka ya auna. Geron shi kaɗai bai kai nisabin zakka ba, wato ma'aunin da in amfani ya kai shi zakka ta wajaba. Dawar ma ba ta kai ba. Amma in ya haɗa su sun wuce. Yana so ya san abin da ke kansa.

Mahaifina bai ɗago ba. Ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ga ɗan jami'a nan. Ba shi amsa."

Na gyara zama. Babin zakka ai tun ina shekara goma sha biyu na haddace shi. Na fara daga ma'anar kalmar, na kawo hukuncinta da sharuɗɗanta, na shiga zakkar amfanin gona, na bambanta abin da ruwan sama ya shayar da wanda aka yi wa ban-ruwa, na bi ta kan dabino da zabibi, ina jan Larabci ina fassarawa. Har na gangara kan raƙuma da shanu. Amsar mutumin tana ciki, na wuce ta a guje a tsakiyar wani layi ban ko tsaya ba. Muryata tana yi mini daɗi. Dattijon yana ta gyaɗa kai yana cewa ma sha Allah.

Da na kai aya na yi shiru ina jiran yabo. Ya yaba kuwa, ya ce Allah ya ƙara sani. Sannan ya juya wajen mahaifina, da ladabi, kamar mai jin kunyar kansa, ya ce, "To Malam, ni dai ban gane ba. In haɗa ko kar in haɗa?"

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan randa. Ba don ya ƙure ni ba, ai bai san ya yi ba. Mutumin nan ya baro aikinsa ya biyo hanyar daji da tambaya ɗaya, na ba shi babi guda, kuma zai koma da tambayarsa yadda ya zo da ita.

Mahaifina ya rufe littafinsa. Ya ce, "Kac ce geron bai kai ba shi ɗai, dawa ma ba ta kai ba ita ɗai?"

"Haka na, Malam."

"Kana da wata gonar gero wani wuri da ba ka lissafa ba?"

"Babu, Malam. Ita ɗai ta."

"To ba a haɗa su. Gero jinsi na daban, dawa jinsi na daban, kowane da nisabinai. Bana babu zakka bisa kanka." Sai ya jawo layi ɗaya na Larabci, daga cikin waɗanda na zubar ɗazu, ya fassara masa. Ya ƙara da cewa, "Za ka ji ana haɗa alkama da sha'ir, kar shi ruɗe ka, su an ɗauke su jinsi guda. In ka ga dama ka yi sadaka don godiya, wannan kai da Ubangijinka."

Ko minti uku bai yi ba. Dattijon ya washe baki, ya yi godiya, ya tada babur ɗinsa. Ni kuwa ina zaune ina lissafi a zuci. Mahaifina ya maimaita tambayar. Ya duba iyakarta. Ya faɗi amsa tun farko, ya kawo hujja ɗaya, ya tare abin da zai iya kawo ruɗani, ya rufe. Shekara nawa ina zaune a zauren nan ina kallon ana yin haka kullum, ban taɓa ganin cewa wani aiki ne daban da hadda ba.

Na zaro wasiƙar daga aljihu. Sai da na fara gaya masa abin da na rubuta wa malamar, don ba yadda za a yi ya gane amsarta ba tare da shi ba. Na ga yadda ya sauke ido, kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na karanta masa duka. Da na zo maganar bawa ya yi dariya har ya riƙe gemu, ya ce Yarbawa ba su da ta ido. Da na gama ya ce in sake karanta wurin rumbu.

"Wagga mata malama ta," ya ce. "Hadda ajiya ta. Wanda ya zo da tambaya ba ajiyarka ya zo gani ba." Sannan ya ce, "Laihina na. Na ga kanka na ɗauka, ina ta zuba ma, ban taɓa aza ka gaban mai tambaya ba sai yau. Yaushe a jarrabawar?"

Kwana tara suka rage. Biyar daga ciki a gida na yi su. Kullum bayan karatun safe sai in shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, in ajiye waya a gabana, ga shi ta samu aikin agogo, in ɗauki tambaya ɗaya cikin shidan nan. Ta farko na wuce lokaci da minti ashirin. Hannuna ya saba da gudu, in ya kama layin farko na abin da na haddace ba ya son tsayawa. Mahaifina ya ɗauki abin kamar nasa. Kafin in rubuta sai in fassara masa tambayar, ya ce, "To mi a amsarka?" In na fara da cewa asalin al'amarin, sai ya ɗaga hannu. Bai san Borno ta wane ƙarni ake magana ba, amma ya san lokacin da mutum yake kewaye-kewaye. A rana ta biyar na amsa masa da jimla ɗaya, ya ce in je in haɗa kayana.

Da na koma ban je ofishin malamar ba, kunya ta hana ni. A ƙofar ɗakin jarrabawa muka haɗu tana riƙe da ambulan ɗin tambayoyi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "A'a, bawa ya dawo da kanshi, ba a ko bi sawu ba." Na ce mata Bagobiri ba ya gudu, shawara ya je yi. Ta ce in shiga in nuna mata.

Tambaya biyar ce, a amsa uku, ta farko dole. Ita ta farkon cewa ta yi a auna gaskiyar maganar da ke cewa ciniki ne ya kafa manyan biranen ƙasar Hausa. Ina karantawa shafin darasin ciniki ya buɗe a kaina, fes, da kanun maganarsa da komai. Kafin in farga na rubuta layi biyu na farkonsa a littafin amsa. Sai na ji muryar dattijon Burkusuma kamar yana zaune a kujerar gefena. Na ja layi na soke su. Na juya shafin baya na tsara abin da zan ce, sannan na dawo na rubuta cewa ciniki ya ƙara wa biranen girma da arziki, amma shi kaɗai bai kafa su ba, domin sai da aka samu ƙasar noma mai ciyar da jama'a, da ƙarfen ƙira, da ganuwa da sarautar da za ta tsare kasuwa, kafin fatake su ga wurin sauka. Na sa aya a ƙarshen wannan jimla. Ita ce magana ta farko da na taɓa sa wa takarda wadda ba wani ya faɗe ta kafin ni a haka ba.

Minti talatin da biyar na cika na bar ta, ko da yake akwai sauran kaya a rumbu. Na amsa ukun duka. Ta ukun ba ta yi kyau ba, hujjoji biyu na ƙarshe a gajarce na jero su, amma na isa inda aka aike ni.

Sakamako bai fito ba sai da muka yi nisa a zango na biyu. Ranar Juma'ar da ta biyo baya na shiga motar Sabon Birni, na hau babur zuwa gida. Na tarar da mahaifina a zaure shi kaɗai, yana gyaran alƙalami. Na durƙusa na gaishe shi na ce sakamako ya fito.

"To?" ya ce.

Na ce a darasin malamar nan C na samu. Ya ce mi a C. Sai na gyara zama na fara yi masa bayani, cewa ana haɗa makin gwaji da na jarrabawa, kuma nawa na gwaji ya riga ya lalace, sannan akwai A da B a sama, kowane harafi da makin da yake ɗauka, in an tara na dukan darussa a raba...

Ya ɗaga hannu, kamar yadda yake yi a inuwar rumbu.

"Ka ci ko ba ka ci ba?"

"Na ci, Baba."

"Za ka zauna can jami'a?"

"Za ni zauna."

Ya ce alhamdu lillahi, ya mayar da kansa kan alƙalamin. Na daɗe a durƙushe ina kallonsa yana fiƙe bakin da ya riga ya fiƙu, bai yarda ya ɗago mun haɗa ido ba.